Tsarin darasin motsa jiki na zango guda: a jera wasanni, ko a jera abin da jikin yaro zai iya?

Duk farkon shekarar karatu, idan malaman firamare suka zauna raba darussan zango sati-sati, lissafi da Faransanci ba sa ba kowa wahala, don an san abin da ke gaban wani. Da an iso gurbin motsa jiki sai alƙalami ya tsaya. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu cika gurbin da sunayen wasanni: sati uku gudu, sati uku ƙwallon ƙafa, sati uku ƙwallon hannu, sai gwaji. Ni ma haka na yi shekaru ina yi a nan Maraɗi. Akwai wata hanya ta biyu, wadda a cikinta ba sunan wasa ake rubutawa ba, sai wani abu guda da ake son jikin yaro ya iya, kamar jifa da cafewa, ko tsalle da dira, a riƙe shi tsawon zangon ana ƙara masa wuya kaɗan-kaɗan. Shi wannan abu guda nake kira jigo. Na gwada hanyoyin biyu, kuma kowace tana da inda take ciwo.

Don kada maganar ta tsaya a iska, mu ɗauki aji guda mu yi ta aiki da shi. Aji uku ne, wato CE1, yara 64 ƴan shekara 8 zuwa 9, maza da mata a haɗe, fili na rairayi, balo na fata guda ɗaya a ofishin darakta. Na ƙaddara darasi biyu a sati, kowane minti 30. Wanda jadawalinsa ya saɓa da haka sai ya gyara lissafin.

Kafin a zaɓi ko wace hanya, sai an ƙirga darussan da za a samu da gaske. Daga shigowar Oktoba zuwa hutun ƙarshen Disamba, a takarda ana ganin sati goma sha ɗaya ko sha biyu. Amma kowa ya san yadda farkon Oktoba yake: rajista ba ta ƙare ba, a makarantun gefen gari da ƙauyuka wasu yaran suna gona wajen girbin gero da roron wake, azuzuwan zana suna jiran kara. A ƙarshe kuma ga satin jarrabawa. Ni sati goma nake ƙirgawa, darasi 20 ke nan, kuma 16 kawai nake rubuta wa aiki. Sauran huɗun na ranar da hazo ya rufe gari ne, ko ranar taro, ko matakin da yara suka kasa aka maimaita.

Hanyar jera wasanni tana da abubuwan da ba za a raina ba. Rubuta ta ba ya ɗaukar minti goma. Balo guda ya ishe ta. Yara suna son ta, don da sun ji an ce yau ƙwallo ne sai ihu. Mai duba makarantu idan ya buɗe takardarka ya ga sunayen da ya saba gani, ba zai yi maka tambaya ba. Idan kuma akwai gasa tsakanin makarantu, ita ke fitar maka da ƴan wasa da wuri.

Matsalarta tana cikin lissafi. A minti 30, fita da jeruwa da komawa aji suna cin biyar, ɗumama jiki biyar, saura 20. A satin ƙwallon ƙafa yara 22 ne a fili, 42 suna gefe suna haƙa rairayi da yatsa. Cikin 22 ɗin ma, manyan yara biyar ko shida ne ke riƙe da balo, mata kuwa galibi suna cikin ƴan kallo tun farko. A satin ƙwallon hannu sai a yi layi ɗaya, kowa ya zo ya jefa ya koma baya. Idan kowane jifa, da ɗauko balo da miƙa shi, ya ci daƙiƙa 15, jifa huɗu ke nan a minti, 80 a minti 20. Raba 80 ga yara 64: kowa ya jefa sau ɗaya. Ba a koyon jifa da jifa ɗaya a darasi. Sannan ga wata ɓaraka da ba a cika lura da ita ba: sati uku na gudu ba ya shirya yaro wa sati uku na ƙwallon ƙafa, shi ma wannan ba ya shirya shi wa na gaba. Kowane tubali zaman kansa yake yi. A Disamba wanda ya iya tun daga gida shi ne dai ya iya, wanda bai iya ba ya koyi cewa wannan darasi ba nasa ba ne.

Hanyar jigo daga wani waje take farawa. Masu nazarin motsin yara sun kasa shi gida uku. Akwai motsin da ke kai jiki daga wuri zuwa wuri, kamar gudu, tsalle da ɗingishi a ƙafa ɗaya. Akwai na riƙe jiki kada ya faɗi, kamar tsayuwa a ƙafa ɗaya, juyawa, dira, turawa da ja. Sai na sarrafa wani abu da hannu ko ƙafa: jifa, cafewa, shuri, duka. Duk wasan da ka sani daga waɗannan aka haɗa shi. Langa ɗingishi ce da riƙe jiki da turawa. Ƙwallon hannu jifa ne da cafewa da gocewa. Kokowa, wadda ba a gaya wa ɗan Maraɗi darajarta tunda filin kokowar garin sunan Kantu yake ɗauke da shi, ɗan kokowar da ya fara ɗaukar takobin gasar kokowa ta ƙasa a 1975, tushenta iya kafa ƙafa ne da sanin inda nauyin jiki yake. Mai bin wannan hanya yana koyar da sassan, yana haɗa su sannu a hankali, wasan kansa sai ya zo a matsayin wurin gwada abin da aka koya.

Ga yadda na tsara wa ajin nan namu darasi 16. Babban jigo jifa da cafewa ne, shi ke cin minti 15 na tsakiya. Ƙaramin jigo shi ne gudu da tsayawa da gocewa, na saka shi cikin minti biyar na ɗumama jiki, don haka bai ci lokacin kowa ba. Minti biyar na ƙarshe ɗan wasa ne da aka gina a kan aikin ranar.

Darasi biyu na farko ba a koyar da jifa. A na farko ana tsince fili, don bayan damina ƙarangiya da tsidau sun cika ko'ina kuma rabin yaran ba takalmi. Ana ja layi da toka, a kasa aji rukuni takwas na yara takwas waɗanda ba za su sauya ba har Disamba, a koya musu usur: busa ɗaya a tsaya cak a ajiye ƙwallo a ƙasa, busa biyu a ci gaba. Wanda ya tsallake wannan darasi zai yi zangon yana kururuwa. A na biyu ana gwajin farko. Yara biyu-biyu, tazarar mita uku, kowa a jefa masa sau goma, abokinsa ya ƙirga masa nawa ya cafe. Malam kuma yana zagayawa yana kallon abu biyu kacal: wace ƙafa yaro ke sa gaba in zai yi jifa, kuma da me yake cafewa.

A nan ya kamata in daɗe, don idon malam shi ne dukan jarin wannan hanya. Jifan yaro yana da matakai da ake gani. Da fari ƙafafunsa a haɗe suke, gwiwar hannu kaɗai ke aiki, kamar mai korar ƙuda. Daga nan ya fara taka ƙafa, amma ta ɓangaren hannun da ke jifa, dama da dama, wanda ke hana ƙugu juyawa. Jifan da ya nuna shi ne wanda mai jifa da dama ya juya gefensa ga abin da zai jefa, ya kai hannu baya, ya taka ƙafar hagu, ƙugu ya juya kafin kafaɗa, hannu ya bi ƙwallo har ya sauka ta gefen cinyar hagu. Cafewa ma haka. Mai farawa yana miƙe hannuwa sandar-sandar, ya kau da kai ko ya runtse ido, ƙwallo ta buge shi. Na tsakiya yana rungume ta a ƙirji. Wanda ya iya yana bin ta da ido, ya tarye ta da tafuka, ya janyo hannu jikinsa don ya kashe ƙarfinta. A aji uku za ka ga duk matakan nan a rana ɗaya. Za ka kuma ga wani abu mai ban sha'awa: yarinyar da ta saba carafke tana da ido da yatsu na cafewa fiye da yawancin maza, yaron da ya yi korar tsuntsaye a gona yana da hannun jifa amma ƙwallo na subuce masa. Haɗa irin waɗannan biyun, kowa ya ɗauki na ɗan'uwansa.

Darasi na 3 zuwa na 6 kowa a tsaye yake, ba mai hana shi, ba gaggawa. Ana farawa da yaro ya jefa sama ya cafe da kansa, sai ya jefa ya tafa sau ɗaya kafin ya cafe. Sai biyu-biyu, jifan ƙasa-ƙasa a mita uku, ƙa'idar kuma ita ce duk waɗanda suka cafe biyar a jere kowa ya ja baya taki ɗaya, in ta faɗi sau biyu a matso. Da wannan ƙa'ida kowane biyu suna samun tazarar da ta dace da su ba tare da malam ya auna wa kowa ba. A darasi na 5 ake shigo da jifa ta bisa kafaɗa, kuma ba a kan mutum ake fara shi ba, a kan bango ko jarkokin ruwa da aka jera a mita shida zuwa takwas. Dalili shi ne, in ka ce yaro ya jefa wa abokinsa, tausayi zai sa ya rage ƙarfi ya koma jifan gwiwar hannu. Ka ce ya jefa da iya ƙarfinsa, jiki da kansa zai nemi taka ƙafa da juya ƙugu. Saiti daga baya yake zuwa. Kalma ɗaya ake ba su a darasi, misali "ƙafar da ba ta jifa, gaba", a yi ta maimaita ta. In ka ba ɗan shekara takwas gyara uku a tare, ba wanda zai riƙe.

Darasi na 7 zuwa na 10 ake sa motsi. Mai cafewa ya fara takawa gefe ya tari ƙwallon da aka jefa taki biyu daga inda yake. Sai su biyun su riƙa tafiya suna miƙa wa juna, sai sassarfa. A nan yaro ke gano cewa gaban abokinsa zai jefa, ba inda yake a yanzu ba, kuma wannan ganowa tana ɗaukar wasu yaran darasi uku. A daidai wannan lokaci ƙaramin jigon ɗumama jiki ya kai ga gudu da tsayawa a kan usur da sauya hanya, don haka igiyoyin biyu sun fara haɗuwa.

Darasi na 11 zuwa na 14 ake kawo mai tarewa. Rukunin takwas ya rabu huɗu-huɗu, uku suna miƙa wa juna, ɗaya a tsakiya yana neman tsinke ƙwallo, cikin ɗaki na toka mai taki shida kowane gefe. Da fari mai tarewa tafiya kawai zai yi, daga baya a sake shi ya yi gudu. Sai biyar da uku, sai huɗu da huɗu, inda ƙungiyar da ta miƙa sau biyar a jere ba a tsinke ba ta ci ɗaya. Ba a gudu da ƙwallo a hannu, ba a fizge ta daga hannun wani. Wanda ya kalli wannan wasa zai ga ƙwallon hannu ce ba raga, amma filaye takwas ne ke gudana a lokaci guda, kuma babu yaron da ke zaune. Darasi na 15 a maimaita gwajin farko daidai yadda aka yi shi, mita uku, jifa goma, abokin nan dai. Na 16 gasa ce tsakanin rukunoni, a fito da balon darakta don wasan ƙarshe.

Abin da ke sa wannan jeri ya zama hawa-hawa shi ne abu ɗaya ake sauyawa a kowane mataki: ko tazara, ko girman ƙwallo, ko motsi, ko mai tarewa. Kuskuren da na yi a shekarar farko shi ne na ƙara tazara, na kuma sa gudu a rana ɗaya, darasin ya koma tsintar ƙwallo. Ma'aunina na wucewa gaba shi ne in ga kamar kashi uku cikin huɗu na aji suna cafe bakwai cikin goma. Ba doka ba ce, abin da na ga yana aiki ne. Fili ma yana gaya maka. In ƙwallaye sun fi yawa a ƙasa, yara na bin su a guje fiye da yadda suke jifa, matakin ya yi wuya, koma baya. In kuwa sun fara hira, ko suna auna kan juna don dariya, ya yi sauƙi, ƙara musu.

Yanzu kuɗin da ake biya. Wannan hanya ba ta tafiya sai da ƙwallo 32, ɗaya ga kowane yara biyu. Ba saye za a yi ba. Leda ake dunƙulewa a naɗe da tsumma, a cusa cikin tsohuwar safa a ɗaure, girman babban lemo. A sa ɗan rairayi a ƙulli a tsakiya, don iskar hunturu tana kwashe wadda ba ta da nauyi. Kada a yarda da goruba ko dutse ko da wasa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun satin farko kowane rukuni ya kawo huɗu, a tara su cikin buhu guda. Da ƙwallo 32, in kowane biyu suna jifa ɗaya a daƙiƙa shida, a minti goma kowane yaro ya jefa 50 ya cafe 50. Ko ka zubar da rabi saboda faɗuwa da tsintowa, 25 ne a darasi, a inda layin balo ɗaya ke ba da guda.

Sai fili. Layi biyu na yara 32, kowa da tazarar mita biyu, zai kai mita 64, murya ba za ta kai ƙarshensa ba. Yi layi huɗu na 16, tsawon mita 32, ka tsaya a gefe inda kake ganin kowa, ba a tsakiya ba. Da safe ka sa su fuskanci kudu da arewa, don wanda ya fuskanci gabas rana zai gani, ba ƙwallo ba, sai ka ɗauka tsoro ne ke sa shi runtse ido.

Akwai kuma ƙorafin yara. Sati biyu na farko za ka sha "Mushe, yaushe za mu buga balo?" Minti biyar ɗin ƙarshe shi ne maganin wannan, kada ka taɓa cinye shi da bayani. Takardar da za a duba ma tana da dabara: a gurbin sati ka rubuta jigo da mataki da wasan da ake dosa, misali jifa da cafewa cikin tafiya, shirin ƙwallon hannu. Wanda ke neman sunan wasa ya gan shi, kai kuma ba ka bar tsarinka ba. Abin da ba shi da dabara shi ne gajiya. Malamin da ke riƙe da aji shi kaɗai tun safe yana iya jefa balo fili ya zauna a inuwar bedi a hanyar farko. A ta biyu ba zama, kuma duk darasi sai ya sa wa rukuni ɗaya ido ya rubuta wa yara takwas alama a littafi: bai fara ba, yana hanya, ya iya. A darasi takwas ya zagaye aji.

To wace za a ɗauka? Daga aji ɗaya zuwa aji huɗu ni ba na shakka, jigo. A waɗannan shekaru ne jiki ke kafa yadda zai yi jifa da tsalle da dira, kuma yaron da ya wuce su yana rungumar ƙwallo a ƙirji, a aji shida kunya za ta hana shi koyo a gaban ƙannensa. A aji biyar da shida jera wasanni yana da ma'ana, amma da sharaɗi: yi gwajin jifa goma ɗin nan a satin farko. In yawancinsu sun haye bakwai kuma suna taka ƙafar da ta dace, shiga wasanni, sai dai a ƙananan filaye, huɗu da huɗu ko biyar da biyar, ba sha ɗaya da sha ɗaya ba. In ba su haye ba, ba su sati huɗu na jigo tukuna, kome girmansu. Wanda kuma aka turo shi makaranta a tsakiyar zango, ba ƙwallo ba buhu, ya fara da jigon da ba ya bukatar kaya, wato ɗingishi da riƙe jiki, ya kai su ga langa kafin ƙwallayen su taru.

Zango na biyu, daga Janairu, sanyin safiya yana ba da damar gudu da tsalle mai yawa, don haka nan nake sa tsalle da dira a babban jigo, da kara a matsayin shinge, jifa kuma ya koma minti biyar na ɗumama jiki don kada a manta shi. Ranar da ƙura ta yi kauri ana rage gudu, masu asma da masu tari su zama masu ƙirga. Na uku yana faɗowa cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haye 40, rairayi yana ƙona tafin ƙafa tun hantsi. Nan na ajiye wa turawa da ja da tsayuwa a ƙafa ɗaya, biyu-biyu, maza da maza, mata da mata, a inuwa, a sa'ar farko ta safe, da jarkar ruwan sha a gefen fili.